Taken talla mai harshen damo: wanne za ka saya in kayanka za su fita wani yare?

In mai rubuta talla ya kawo maka take mai wasa da kalmomi, kafin ka biya ka tambayi kanka abu ɗaya, a yare nawa za a karanta shi? In ɗaya ne toh ba matsala, ka sha shagalinka. In biyu ne ko uku, nan fa ake yin ta.

Mu ɗauka kana sayar da fitilar sola, aka kawo maka "Kowa da ranarsa". Gaskiya ya yi daɗi, don rana ta sama ce ke cajin fitilar, kuma rana ce ta sa'a da kowa ke jira tasa ta zo. Amma ka miƙa wa mai fassara zuwa Turanci ko Faransanci ko Larabci ka ga ikon Allah, duk ukun kalmar rana ta sama daban, ta kwanan wata daban, dole ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya. In ya ɗauki ta kwanan wata ya zama wa'azin haƙuri ba ruwansa da fitila, in ya ɗauki ta sama kuma sai ya koma kowa yana da tasa ranar a sararin samaniya, wanda ba ya ma'ana. A yaren Hangari dai kalma ɗaya ce kamar namu, amma sa'a ce kawai.

Hanya mafi araha ita ce ka ba mai fassara na yau da kullum, wanda ake biya kan adadin kalmomi. Ni dai ban ba ka shawara ba in taken na da harshen damo. Kalma uku ce fa, ladan bai kai ya zauna ya kwana yana tunani ba, kuma aikinsa shi ne ya riƙe ma'ana, ba ya sa a yi murmushi ba.

Ta biyu, ka ɗauki marubucin talla ɗan asalin wancan yaren ya ƙirƙiro sabo. Galibi kan awa ko kan aikin gaba ɗaya suke caji, ya fi tsada, amma shi ne kuɗin da ba ya ciwo. Ba taken kaɗai za ka tura mai ba, ka rubuta mai me kayan ke yi, wa ake so ya saya, wane irin ji kake so ya tashi a ransa, sannan ka warware mai ma'anoni biyun nan na rana ka ce in dole a rasa ɗaya wacce ka yarda ta tafi. Ka nemi zaɓi uku aƙalla, kowanne da fassararsa ta dawowa Hausa kalma-kalma da ɗan bayanin inda wasan yake. Kar ka yi mamaki in babu rana ko ɗaya a ciki, wataƙila shi ya samo nasa wasan a kan haske.

Wasu kuma ba sa fassarawa sam. Kamfanin mota na Audi ya bar takensa da Jamusanci har a tallansa na Birtaniya, kuma ya yi aiki don mutane na haɗa Jamus da ingancin inji, wato yaren kansa ne tallan. Amma wasan kalma ba ya tsira ta nan, wanda bai ji yaren ba me zai ba shi dariya?

Sai ta ƙarshe da mutane ke rainawa, take miƙaƙƙe mara lanƙwasa, wasan a bar wa hoto. In yarukan sun wuce uku ni nan zan tsaya.

Akwai gwaji da nake so, ka kashe ma'ana ta biyun da kanka ka ga ko jimlar na tsaye da ƙafarta. A 1978 kamfanin Saatchi & Saatchi ya yi wa 'yan Konsabatib na Birtaniya fosta mai dogon layin masu neman aiki, aka rubuta "Labour isn't working". Labour sunan jam'iyyar da ke mulki a lokacin ne, shi ne kuma kalmar ma'aikata. Ka juya shi Hausa, "Leba ba ta aiki", rabin wasan ya zube amma zargin na nan daram. Namu na sola kuwa in ka cire rana ɗaya ba abin da ya rage na fitila, kaga ba zai yi tafiya ba kenan.

Kafin a buga, a nuna wa masu yaren da ba su san aikin ba, matasa da dattawa, kar a yi musu bayani, a tambaye su me ake sayarwa a nan. In sai an yi bayani kafin su gane, ya mutu. Matasan su za su faɗa maka in wata kalma ta samu ma'anar batsa a bakin titi. A gwada shi a rubuce da kuma a baki, don wasan da ya dogara da karin sauti ko jan wasali rediyo na ɗaukarsa amma allo ba ya nunawa, kuma in mai zanen ba shi da harufa masu lanƙwasa, baƙi zai fito maka baki a allon da ka riga ka biya.