Manhajar da ba ta buƙatar kod, ko kuwa sikirif: wanne ya dace da mai cike fom daga Excel?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a ofishin wata makaranta a Hotoro. Duk farkon zango sai na kwafi bayanan ɗalibai kusan 300 daga Excel na zuba a fom ɗin shafin makarantar, ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce na nemi manhajar da ke danne-danne da kanta, wasu sun ce na koyi Python. Ban taɓa rubuta kod ba. Wanne zan kama?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi irin wannan aikin da hannu, kuma na san ciwon wuya da yake sawa. In kowane ɗalibi yana cin minti 2, to awa 10 ke nan cur kana kwafa kana mannawa. Duka hanyoyin biyu za su iya sauke maka wannan nauyi. Inda suke rabuwa shi ne ranar da sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, don haka a nan zan fi tsayawa.

Mu fara da wadda ba ta son kod. A matsayinka na sabon shiga, Power Automate Desktop nake ba ka shawara. Ta Microsoft ce, tana zuwa a cikin Windows 11, mai Windows 10 kuma yana iya sauke ta kyauta. Za ka shiga da asusun Microsoft, sannan ka ɗora ɗan ƙarin da take buƙata a kan Chrome ko Edge. Daga nan jera matakai kawai za ka yi, kamar mai jera bulo. Launch Excel ya buɗe fayil ɗinka, Read from Excel worksheet ya karanto layukan, For each ya ɗauke su ɗaya-ɗaya, Populate text field on web page ya rubuta suna a gurbin suna, Press button on web page ya danna maɓallin turawa. Kowane gurbi da linzamin kwamfuta za ka nuna mata shi. Mutumin da ya iya Excel zai iya haɗa wannan a yini guda, kuma idonsa na ganin kowane mataki.

Sikirif kuwa rubutaccen umarni ne. Wanda aka fi sauƙin farawa da shi yanzu shi ne Playwright tare da Python, shi ma daga Microsoft ya fito a 2020. Bayan ka sa Python, wannan za ka buga a Command Prompt:

```
pip install playwright
playwright install chromium
playwright codegen https://example.com
```

Layi na biyu yana sauke burauzarsa ta kansa, wadda ta haura megabait 100, saboda haka ka tanadi data. Na uku, in ka sa adireshin shafin makarantarku a madadin example.com, yana buɗe shafin, kana cike fom da hannu shi kuma yana rubuta maka kod ɗin a gefe. Amma abin da zai ba ka na ɗalibi ɗaya ne. Haɗa shi da Excel, da sa shi ya zagaya layi 300, kai za ka rubuta, kuma wannan yana son ka san ɗan abin da ya sawwaƙa na Python. Ga wanda bai taɓa yi ba, maganar makonni ce.

To ga abin da ya same ni. Na taɓa haɗa wa wani ofishi a wajen Gyaɗi-Gyaɗi irin wannan, na sa manhajar ta jira daƙiƙa 3 bayan kowace turawa. Da safe, sabis na da kyau, komai ya tafi sumul. Bayan azahar shafin ya yi nauyi, yana ɗaukar daƙiƙa 8 ko 10 kafin ya adana. Ita kuwa ba ta sani ba, da ukunta ta cika sai ta sake buɗe fom ɗin ta zuba na gaba, alhali na baya bai shiga ba. A kan allo kana ganin sunaye na wucewa, ranka fari. Sai da muka ƙirga muka ga akwai giɓi, kuma ba mu san su wa aka tsallake ba. Da muka sake kunna ta daga farko, waɗanda suka riga suka shiga suka zama biyu-biyu. Gogewar ta fi cikewar wahala.

Abu biyu ne maganin wannan. Na farko, kada ka sa jira na ƙidayar daƙiƙa. Ka sa ta jira har sai ta ga saƙon da shafin ke nunawa in ya adana. A Power Automate matakin sunansa Wait for web page content, kuma kai ne za ka tuna ka saka shi. A Playwright ga yadda yake:

```python
page.get_by_label("Surname").fill(suna)
page.get_by_role("button", name="Submit").click()
page.get_by_text("Saved").wait_for()
```

Nan sikirif ya ɗan yi gaba, domin Playwright da kansa yake jiran gurbi ko maɓalli ya bayyana kafin ya taɓa shi. In daƙiƙa 30 ta wuce bai gani ba, sai ya tsaya ya rubuta TimeoutError, ka san akwai matsala. Tsayawar nan alheri ce.

Na biyu, ka ƙara ginshiƙi ɗaya a ƙarshen Excel ɗinka. Duk ɗalibin da aka ga saƙon adanawarsa, a rubuta masa "an yi" nan take, a adana fayil ɗin. A farkon zagaye kuma ka sa sharaɗi: mai "an yi" a tsallake shi. In aka ɗauke wuta bayan an gama layi na 140, batirin kwamfuta ya mutu, da an dawo za ta ci gaba daga 141. Da Write to Excel worksheet da If ake yin wannan a Power Automate, ba sai ka iya kod ba.

Saboda haka ni dai ina ganin ka fara da Power Automate. Fom ɗaya ne, gurabe kaɗan, sau uku a shekara. Lokacin komawa sikirif zai nuna kansa: ranar da sharuɗɗa suka yi yawa, ɗan firamare fom ɗinsa daban, ɗan sakandare daban, wani sai an ɗora masa hoto, matakan suka yi tsawon da ba ka iya bin su da ido. Ko kuma masu shafin suna yawan sauya masa fasali. Manhajar tana riƙe wurin maɓalli da wani adireshi na cikin shafin, in aka sauya sai ta ce ba ta gan shi ba, ka koma kana nuna mata. Sikirif da ke neman maɓalli da rubutun da ke kansa ya fi jure wannan, gyaransa kuma sau da yawa layi ɗaya ne.

Akwai inda dukansu ba sa wucewa. In shafin yana tambayar CAPTCHA, wato gwajin nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, ko yana turo OTP a waya, kai za ka shiga da hannunka, sannan ka sake mata ragamar. Kalmar sirrinka kada ka rubuta ta a fili cikin matakan. Kuma ka nemi izinin shugaban makaranta tukuna, domin bayanan 'ya'yan mutane amana ne a hannunka.

Kafin ka saki 300 ɗin, gwada da layi 5 kana kallo, sannan ka buɗe shafin ka duba su da idonka. Ka fi lura da lambar wayar iyaye: Excel yana cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803. Mayar da ginshiƙin zuwa Text, ka maido da sifirin, sannan ka kunna.