Gora a kife ko lagwani: wanne zai riƙe shuka har a dawo?

"Na yi tafiyar sati uku, na dawo na tarar lemun tsamina na tukunya ya zubar da ganye, ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Zai farfaɗo? Kuma wata mai zuwa zan sake tafiya: gora zan kife masa ko lagwani?"

'Yar'uwa, ki fara kankare ɓawon reshe da farce. Idan kin ga kore mai danshi a ƙarƙashi, yana da rai. Idan reshen ya karye ƙas, ki gangara ƙasa ki sake gwadawa har gindi, don sau da yawa sama kaɗai ke mutuwa.

Kada ki kwarara masa ruwa ta sama. Ƙasar da ta bushe haka takan janye daga jikin tukunya, sai ruwan ya bi ta gefe ya fice ta ramin ƙasa, tsakiya kuwa inda saiwa take ko jiƙa bai yi ba. Ki tsoma tukunyar cikin baho, ruwa ya kai kusa da bakinta, ki bar ta minti 30 zuwa awa ɗaya, har kumfa ta daina tasowa kuma kin ji ta yi nauyi. Ki fitar da ita ta tsane, ki ajiye a inuwa. Ban da taki, zai ƙone saiwar da ta riga ta jigata. Sabon toho yakan ɗauki sati biyu zuwa uku. Sai kin gan shi za ki datse busassun rassa.

Game da tafiya, gora ta fi sauƙi: a huda murfi da allura, a kife a ƙasa. Matsalarta ƙarancin ruwa. Tawa tukunyar a bazara takan sha kusan rabin lita kullum, gorar lita ɗaya da rabi ke nan kwana uku. Ga shi wani lokaci ƙasa ta toshe hudar, ki dawo ki tarar da gora cike, shuka a bushe. Ta taɓa yi min haka, har yau ina jin takaici.

Lagwani na fi amince masa a doguwar tafiya. Ki yago tsumman auduga mai kauri, ki jiƙa shi tukuna, ki cusa gefe ɗaya cikin ƙasa tsawon yatsa, ɗayan ya kwanta a gindin bokiti mai lita 10. Da irin wancan shan, ruwan zai kai kwana 20. Bokitin ya zauna dab da tukunya: in ya yi sama sosai ruwa zai tsiyaye ya ƙare da wuri, in ya yi ƙasa ba zai hau ba. Ki rufe shi saboda sauro da rana.

Ki haɗa shi sati guda kafin ki tashi, ki yi alama a jikin bokitin, ki riƙa duba yadda ruwan ke sauka. In yana saurin ƙarewa ki rage kaurin tsumman, in ƙasa na bushewa ki ƙara na biyu.