Hoton farko: tsohon tambari ko sabo?

Mai zane a Kano da ya gyara wa mai sayar da yaji tambari yana da hanya biyu ta jera hotunan aikin a Instagram.

Zai iya farawa da matsala: tsohuwar takardar gwangwani, jan rubutu a kan ja, ba ya karantuwa daga bakin kanta. Sai zanen gwaji, sai sakamako. Labarin yana tafiya daidai, amma mummunan hoton ne zai zauna a fuskar shafinsa, mai wucewa ya ɗauka aikinsa ke nan.

Ko ya fara da sabon gwangwanin, tsohon ya biyo a hoto na 2. Ni wannan na fi so, domin 'yan kasuwar Sabon Gari kaya suke son gani kafin bayani.