Hattara da masu cewa "koyil ya ƙone" tun kafin su auna

Jama'a masu injin niƙa da na casar shinkafa, ku saurara. Akwai wasu da ke zagaya wuraren injina da sunan masu naɗin moto. Da sun ji motonka na lantarki mai layi uku yana gurnani, sai su kara hanci a jikinsa su ce, "Alhaji, koyil ya tafi, sai an sake naɗi." Ba awo, ba komai. Su loda shi a Keke, su kware jan ƙarfenka na asali su kai wa 'yan gwangwan, su naɗa maka abin da suka ga dama.

Makon jiya aka kira ni wani wurin casa a wajen Kura. Moto ne mai hos 15, farantin jikinsa ya nuna amfiya 22. Wani ya riga ya karɓi kuɗin naɗi ya dawo da shi yana ƙyallin banish, amma gurnanin na nan yadda yake. Mai wurin ya ce mini, "Injiniya, in yana juyi sai ƙara da zafi da rashin ƙarfi, in kuma ya tsaya ba ya sake tashi, sai dai ya yi ta nishi." Jin haka na fara zargin layi ɗaya ne ya ɗauke, domin haka moto ke yi: wanda ke gudu zai lallaɓa da layi biyu, wanda ke tsaye ba zai iya tashi da kansa ba.

Muka sauke bel, muka tayar da shi da ƙyar, muka mayar da kaya kaɗan. Na rataya kilam mita, wato mitar awon amfiya, a wayoyin ɗaya bayan ɗaya: 31, 31, sai sifili. Wannan ita ce shaidar ɗaukewar layi. Ɗaya babu komai, biyun sun yi daidai da juna kuma sun haura, kusan ninki 1.7 na abin da ya kamata su ja da wannan ɗan kayan. Kada awon bolt ya ruɗe ku a nan, domin moto mai juyi yana haifar da wuta a wayar da ta katse, mita ta nuna kamar lafiya. Da na buɗe akwatin wutar sai ga haƙori ɗaya na kwantakta, wato makunnin da ke haɗa layukan uku da moto, ya ƙone ƙurmus. Tun farko ciwon ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai naɗin ya murɗa obalod, wato abin da ke kare moto in amfiya ta yi yawa, har ƙarshe don kada ya riƙa katse wuta asirinsa ya tonu.

Na canza kwantakta, moto ya tashi, amma mita ta ba ni 17, 21, 25. Yanzu kuma wata magana ce daban: duka layukan suna ja, sai dai ba daidai ba. Wutar na iya jawo haka, tun da bambancin bolt na kashi ɗaya cikin ɗari kan zama kashi shida zuwa goma a amfiya. Naɗin ma na iya jawo shi. Hanyar rarrabewa ba ta cin ko sisi. Ka kashe wuta daga babban makunni, ka tabbatar ta mutu, sannan ka zagaya da wayoyin uku gaba ɗaya a bakin moto. Wayoyin wuta su ne L1, L2, L3, ƙafafun moto kuma U1, V1, W1: L1 ta koma V1, L2 ta koma W1, L3 ta koma U1. Da yake duka ukun ka matsar, juyin moto ba zai koma baya ba. In babban adadin ya bi wayar wuta, laifin na wajen taransifoma ne, ko fis, ko wani haɗi da ya saki. In ya tsaya a ƙafar moto ɗaya, ciwon na cikin naɗi.

Namu 25 ɗin ya kafe a W1. Na cire gadojin haɗi na auna kowane naɗi shi kaɗai: 1.2, 1.2, 1.0 om. An rage zagaye a ɗaya. Na kankare bakin wayar da wuƙa, jan ya tafi, sai ga fari fat. Alminiyam ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Moton da ya bar gidan nan lafiya lau ya dawo da ciwo na gaske, kuma Alhaji ne ya biya kuɗin lalata shi.

Don Allah duk wanda ya ce muku koyil ya ƙone, ku ce ya nuna muku amfiyar layuka uku da om ɗin naɗi uku a gabanku, ku rubuta. In lallai sai an buɗe, a buɗe kuna tsaye. Ƙunar ɗaukewar layi tana da tsari: naɗi ɗaya ko biyu cikin uku sun yi baƙi a jere, sauran tas. In kun ga haka, a gyara layin kafin a mayar da moto, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Tsohuwar wayar kuma a ɗora ta a sikeli a ba ku kayanku, sabuwar ku kankare ta da hannunku kafin a zuba banish.