ELM327 ko MCP2515 don agogon zafin inji?

"'Yan uwa, ina so in haɗa ƙaramin allo da zai riƙa nuna min zafin ruwan lagireto ta soket ɗin OBD. Motar 'yar kwatano ce, ƙirar 2006. In sayi ELM327 da ESP32, ko Arduino da MCP2515?"

Malam, kafin ka kashe ko sisi, leƙa soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. MCP2515 yare ɗaya kawai yake ji, wato CAN, wanda ke bi ta ƙafa ta 6 da ta 14. Sai a 2008 Amurka ta wajabta CAN, kuma motoci da yawa kafin nan da K-line suke magana, ta ƙafa ta 7. Cire kan batir, ka sa mita tsakanin 6 da 14. In ka ga kusan om 60, akwai CAN. In babu, maganar MCP2515 ta mutu.

ELM327 kuwa tafinta ne, da kansa yake lalubo yaren motar. Rubutu kake tura masa:

```
ATZ
ATE0
ATSP0
0105
```

Sai mota ta amsa da, misali, `41 05 7B`. Lambar ƙarshe ce abin nema: `7B` shi ne 123, ka cire 40, ruwa na kan digiri 83 ke nan. Matsalarsa jabu, sun cika kasuwa. Wani zai haɗu da ESP32 lafiya lau, amma ya yi ta maido `UNABLE TO CONNECT`, musamman a motocin K-line. In ka ga haka, gwada shi da manhajar waya tukuna. In can ma bai karanta ba, ba lambobin da ka rubuta wa ESP32 ne da laifi ba. Ka kuma kula, yawancin masu arha tsohon bulutut suke amfani da shi, wanda asalin ESP32 ke da shi, amma ESP32-C3 da S3 ba su da shi.

In motar na da CAN, MCP2515 ya fi tsayawa da ƙafarsa, tunda waya ce kai tsaye. Ka aika `02 01 05 00 00 00 00 00` zuwa `0x7DF`, amsa ta zo daga `0x7E8`, lissafin bai canza ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kiristal: a jikinsa an rubuta 8 MHz, a lambobin Arduino sun bar 16, sai shiru.

Ni dai ga motar 2006, ELM327 zan ɗauka.

Ko wanne ka zaɓa, ƙafa ta 16 tana da wuta ko an zare makulli, don haka cire na'urar in motar za ta yi kwanaki a ajiye. Kuma in ruwa ya tsiyaye har sensa ta tsaya a iska, allon na iya nuna zafi daidai alhali inji na dahuwa, saboda haka ka ci gaba da duba ruwan lagireto da safe kafin ka tayar.