Sharhi: Kwashe Jerin Waƙoƙi Daga Spotify Zuwa Wata Manhaja Ba Tare Da Tsarinsu Ya Wargaje Ba

Duk wanda ya daɗe yana tara waƙoƙi a manhajar sauraro ya san cewa yadda suka jeru yana da daraja kamar su waƙoƙin kansu. Jerin da na haɗa don doguwar tafiya a mota yana farawa da kiɗa mai sanyi kafin ya ɗauki zafi, kuma waƙoƙin da nake adanawa tun da Spotify ta fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021 suna nuna mini abin da nake sauraro a kowane lokaci. Da na yanke shawarar komawa wata manhajar, wannan tsarin ne abin da na fi jin tsoron rasawa.

Akwai shafuka da manhajoji da aka ƙirƙira don wannan aiki, irin su Soundiiz da TuneMyMusic da SongShift, kuma salon aikinsu kusan iri ɗaya ne. Mutum zai ba su izinin shiga tsohon asusunsa da sabon, su karanta sunayen waƙoƙinsa a can, su nemo takwarorinsu a nan. Ba sa ɗauko sautin waƙar ko kaɗan, shi ya sa aikin ba ya cin data sosai, sai dai duk waƙar da ka sauke a waya don sauraro ba da intanet ba dole ne ka sake sauke ta. Na biya kuɗin wata guda a ɗaya daga cikin irin waɗannan shafuka, domin tsarin kyauta yana da iyaka: TuneMyMusic tana tsayawa a waƙoƙi 500, Soundiiz kuma a 200 cikin kowane jeri.

A ɓangaren jerin da na haɗa da hannuna ba ni da ƙorafi. Kowace waƙa a cikin irin wannan jeri tana da lambar matsayinta, shafin yana karantawa daga sama zuwa ƙasa kuma yana rubutawa a haka, don haka ta ɗaya ta dawo ta ɗaya, ta ƙarshe ta dawo ta ƙarshe. Abin lura kawai shi ne mutum ya duba yadda sabuwar manhajar take nuna masa jerin, saboda idan tana jera su bisa haruffan suna ko sunan mawaƙi zai zaci an hargitsa masa, alhali tsarin na nan daram a ƙarƙashi.

Matsalar tana wajen waƙoƙin da aka adana, waɗanda Spotify ke kira Liked Songs. Waɗannan ba su da lambar matsayi. Ranar da aka adana kowacce ce kaɗai take jera su, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Da na kwashe nawa kai tsaye, waɗanda suka haura 1,200, sai suka iso a kife. Dalilin a fili yake idan aka bi shi a hankali. Shafin ya fara karantawa daga sama, wato daga waƙar da na adana kwanan nan, ita ya fara ajiyewa a sabon asusun, don haka ita ta zama mafi tsufa a can, ita kuwa wadda na adana a 2021 ta shiga a ƙarshe ta hau sama. Ƙari ga haka, ana tura waƙoƙin ne kashi-kashi, kuma duk waɗanda suka shiga a daƙiƙa ɗaya lokacinsu ɗaya ne, saboda haka manhajar ba ta da abin da za ta bambanta su da shi. Hanyar gane wannan ita ce ka duba waƙoƙi goma da ka tabbatar suna bin juna a tsohon asusun: idan ka same su a wuri ɗaya amma sun cuɗanya, to wannan ce ta faru.

Hanyar da ta yi mini aiki ita ce in mayar da waƙoƙin da na adana su zama jeri na yau da kullum tun kafin su bar gida. A manhajar Spotify ta kwamfuta na buɗe Liked Songs, na danna Date added har mafi tsufa ta dawo sama, na zaɓi duka da Ctrl+A, sannan na ja su zuwa cikin sabon jeri wanda babu komai a ciki. Na tabbatar jerin yana kan Custom order, na duba farkonsa da ƙarshensa, sannan na tura shi. Tun da yanzu kowace waƙa ta samu lambar matsayi, ya iso kamar yadda ya tafi. Jeri ɗaya a Spotify yana ɗaukar waƙoƙi har 10,000, amma wanda zai koma YouTube Music ya sani cewa iyaka a can 5,000 ce, sai ya raba nasa gida biyu. Haka ma wanda yake son ya tsaya a tsarin kyauta na Soundiiz zai iya yanka jerin gunduwa-gunduwa ya sa wa kowanne lamba, ya haɗe su bi da bi daga baya, ko da yake a ganina wahalar ta fi kuɗin wata guda tsada.

Ainihin ranakun adanawa kuwa ba su biyo ni ba, kowace waƙa ta ɗauki ranar da aka kwashe ta. A nan ne Exportify ta yi mini rana. Shafi ne na kyauta da ke fitar da jerin Spotify a fayil ɗin CSV, wanda Excel ke buɗewa, yana ɗauke da sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi da ranar da aka saka kowacce. Ina ba da shawarar a fitar da wannan fayil kafin a taɓa komai.

Amfaninsa ya fi fitowa wajen cike giɓi. Shafukan suna gane waƙa ne da lambar ISRC, wadda ke da haruffa da alƙaluma 12 kuma kowane sauti da aka fitar a hukumance yake da tasa, idan babu ita sai su koma neman suna. Waƙoƙin ƙasashen waje sun wuce lafiya, amma na Hausa sun ba ni aiki. Tsofaffin waƙoƙin makaɗan gargajiya da aka kwafo daga kaset sau da yawa mutane daban-daban ne suka ɗora su, kowa da lambarsa da irin rubutunsa, wani ya sa ƙ da ɗ, wani ya bar su k da d, wani kuma ya rubuta laƙabin mawaƙin a maimakon sunansa. Wasu ba a same su ba sam, wasu kuma an musanya su da wani ɗauka na daban mai suna iri ɗaya, wanda ya fi haɗari domin rahoton shafin yana ƙirga shi cikin nasara. Tsawon waƙar ne ke tona asirin: idan wadda ka sani mai minti goma sha biyu ta dawo minti huɗu, ba ita ba ce.

Duk waƙar da na nemo da hannu tana faɗawa ƙarshen jerin, sai in duba layinta a fayil ɗin in ja ta zuwa muhallinta. Fayilolin da na ɗora daga kwamfutata ba su tafi ba, haka ma jakunkunan da na tara jeruka a ciki, sai da na sake gina su. Da na gama tantancewa na shiga shafin asusuna na Spotify, wajen Manage apps, na janye izinin da na bayar, na kuma dakatar da biyan kuɗin shafin kafin wata ya zagayo.