Jera lok da lamba ko tryLock, wanne zan saka a asaimen ɗina?

"Salam 'yan uwa, an ba mu asaimen ɗin masana falsafa 5 ɗin nan masu cin taliya, a Java, nawa yana tafiya ya tafiya sai kawai ya sandare ba wani era. Wani ya ce in jera cokulan da lamba, wani kuma ya ce in yi amfani da `tryLock` mai lokaci. Wanne ya fi don Allah?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Jera su da lamba, ka gama.

Ni abin da ya sa na riƙe hanyar nan hannu bibbiyu, akwai lokacin da nake aiki a wani ƙaramin kamfani muna da manhajar tura kuɗi tsakanin asusu, kod ɗin yana kulle asusun mai turawa tukuna sannan ya kulle na wanda ake tura wa, wata da watanni lafiya lau, sai ranar da aka samu cunkoso ana ta hada-hada saba ta tsaya cik, ba ta faɗi ba, ba ta rubuta komai a log ba, mutane dai suna ta kira kuɗinsu ya maƙale. Da muka duba ashe mai asusu na 12 ne yake tura wa na 40, daidai lokacin na 40 shi ma yana tura wa na 12, tiredi ɗaya ya riƙe 12 yana jiran 40, ɗayan ya riƙe 40 yana jiran 12, kowa ya ƙi saki. Wani babban yaya da muke aiki tare, Allah ya saka masa da alheri, ya zauna kusa da ni ya ce daga yau ko wa ke turawa ƙaramar lamba za a fara kullewa, layi uku muka canza, har na bar wurin matsalar ba ta sake dawowa ba. Daren nan na yi barci mai daɗi wallahi.

To abin da ya samu naka kenan, sai dai naka mutum 5 ne a zagaye da tebur, da cokula 5 masu yatsu, ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, kuma ba a ci sai da cokali biyu. Dijkstra ne ya fara kawo matsalar a 1965 a matsayin tambayar jarrabawa ga ɗalibansa, Tony Hoare ya mai da ita labarin masana falsafa. Na tabbata ka rubuta kowa ya ɗau na hagu sannan na dama. In aka yi rashin sa'a duka biyar suka ɗau na hagunsu lokaci guda to cokula sun ƙare a tebur, na 0 yana jiran na 1, na 1 yana jiran na 2, haka har na 4 da yake jiran na 0, zobe ya rufe. Dedlok kenan. Malaminku zai so ka ambaci sharuɗɗa 4 na Coffman na 1971, wato abu mutum ɗaya ke riƙe shi a lokaci guda, mutum yana riƙe da wani yana jiran wani, ba a ƙwace wa mutum abin da ya riƙe, sai kuma jiran zagaye. Sai sun haɗu duka ake samun dedlok, ka karya ɗaya ka tsira, kuma na huɗun nan shi ya fi arhar karyawa.

Ka ba cokulan lamba 0 zuwa 4, mutum na `i` yana tsakanin cokali `i` da `(i + 1) % 5`, dokar ita ce ƙarami a fara ɗauka:

```java
int a = Math.min(i, (i + 1) % 5);
int b = Math.max(i, (i + 1) % 5);
synchronized (cokali[a]) {
    synchronized (cokali[b]) {
        ci();
    }
}
```

Ka lura mutum huɗu na farko babu abin da ya canza musu, na ƙarshe ne kaɗai, shi cokulansa 4 da 0 ne, da can 4 yake fara ɗauka yanzu dole ya fara neman 0. A ce duk sun miƙa hannu tare, na 0 da na 4 suna rububin cokali 0, na 0 ya riga shi, to na 4 zai zauna hannu wofi bai taɓa cokali 4 ba. Na 1 ya ɗau 1, na 2 ya ɗau 2, na 3 ya ɗau 3 ya waiga ya ga 4 yana ajiye ba mai shi, ya ɗauka ya ci ya ajiye, sai na 2 ya samu 3, na 1 ya samu 2, a haka layin ke warwarewa. Kuma wannan ba dace ba ne, duk wanda ke jira yana jiran lambar da ta fi wadda ke hannunsa girma, in za a yi zobe sai ka yi ta hawa sama sannan ka dawo kan lambar da ka faro, ka ga ba zai yiwu ba. Wannan hujjar ka rubuta ta a rahotonka da bakinka, nan makin yake.

Shi `tryLock` yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba, amma in duka biyar suka ɗauka tare, suka jira lokaci iri ɗaya, suka ajiye tare, suka sake ɗauka tare, to suna ta motsi ba mai ci, sai ka ƙara musu jiran da ba a san tsawonsa ba, ka koma kana gwada lambobi. Ni sai in ban san lok ɗin da zan buƙata ba tun farko nake waiwayarsa.

Jerawar ma tana da iyakarta gaskiya. Ta hana sandarewa amma ba ta yi alkawarin kowa zai ci daidai da kowa ba, wani zai iya daɗewa da yunwa tunda `synchronized` ba ya bin layin wanda ya fara zuwa, in aka tambaye ka wannan ka duba `new ReentrantLock(true)`. Sannan doka ce da sai kowa ya bi, wuri ɗaya tak a cikin furogiram ya kulle babba kafin ƙarami zoben zai iya dawowa, shi ya sa mu muka tattara kullewar a fankshin guda muka hana kowa kulle asusu da kansa.

Ka yi hattara da masu sayar da furojet da asaimen a guruf-guruf, baka tambaya ba amma na ga ƙanne da yawa sun ƙone. Za su karɓi kuɗinka su ba ka kod ɗin hagu-dama ɗin nan dai, sun cusa `Thread.sleep` kafin kowa ya fara don kada su zo tare, a gabanka ya yi gudu sumul, ranar difens ya tsaya. Jinkiri rage yiwuwar abin kawai yake yi, zoben yana nan.

Ga yadda za ka gwada naka ko na wani. Saka `Thread.sleep(100)` tsakanin ɗaukar cokali na farko da na biyu, tsohon kod ɗinka zai sandare kusan nan take, ka bar shi a haka ka buɗe wani taminal ka buga `jps` ka ga lambar furoses ɗin, sai `jstack` da lambar, za ka ga `Found one Java-level deadlock` da jerin wa ke jiran wa. Ɗau hoton wannan. Sai ka saka mai `Math.min` ɗin, kada ka cire jinkirin, ka sa kowa ya ƙirga sau nawa ya ci, ka bar shi ya yi minti 10 yana gudu, ka turo mana adadin mu gani.